Daga sa ido zuwa toshewa: yadda ake kunna ModSecurity ba tare da an kori manoma ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da shafin wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo, jihar Jigawa. Wakilanmu na ƙauyuka suna yi wa manoma rajistar bashin taki da manhajar waya. Na ɗora ModSecurity, injin da ke tace buƙatun da ke shigowa shafi, da dokokin gane hari na OWASP CRS a kan Apache, sati biyu ke nan yana `DetectionOnly`, wato sa ido kawai ba toshewa, log ya cika maƙil. Shugabanni suna so in kunna toshewa kafin rajistar noman rani. In mayar da shi `On` kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A'a, kada ka yi haka tukuna. Kuma ranar da za ka mayar da shi `On`, ba ranar ce zai fara toshe mutane ba, in dai ka bi hanyar da ta dace. Kunna injin daban, saukar da iyakar maki daban, kuma a tsakanin waɗannan biyun aikin yake.

Sai ka fara fahimtar yadda CRS ke yanke hukunci, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Yawancin dokokinsa ba sa toshe komai da kansu. Kowace doka in ta ga abin da take zargi a cikin buƙatar da aka aiko wa saba, maki take ƙarawa: mafi tsanani maki 5, mai bi mata 4, gargaɗi 3, mafi sauƙi 2. Can ƙarshe akwai doka ɗaya mai lamba 949110 da ke tara jimla ta gwada da iyakar da aka sa. Iyakar da CRS ke zuwa da ita 5 ce. Wato doka mai tsanani guda ɗaya tak in ta yi kamun kuskure, wakilinka ya sha 403, amsar da ke nufin saba ya hana shi. Shi ya sa tsalle daga `DetectionOnly` zuwa `On` da iyaka 5 yake da haɗari: ka tashi daga inda ba a hana kowa ka dira inda kuskure ɗaya ya isa a hana mutum.

Sati biyun da ka yi ba ma'auni ba ne. Abin tambaya shi ne, a cikin sati biyun nan an yi duk irin aikin da ake yi a shafin? Shafin ƙungiyar manoma da lokaci yake tafiya. A watan da ba rajista, wataƙila ba abin da ke shigowa sai masu duba sanarwa da na'urorin 'yan kutse masu yawo a intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Ɗora hotunan manoma, tura rajista talatin lokaci guda bayan wakili ya dawo inda ake samun sabis, sanarwar da kamfanin karɓar kuɗi ke turowa in manomi ya biya, rahoton ƙarshen wata da ma'aji ke fitarwa, duk waɗannan in ba su faru ba, log ɗinka bai san da su ba. Tunda ba za ka iya jiran damina ta zagayo ba, kai za ka jawo su. Ka zauna da sakatare da ma'aji da wakili ɗaya, kowa ya yi aikinsa daga farko har ƙarshe da wayarsa ta kullum, da irin rubutun da ya saba yi, ba rubutun gwaji mai tsabta ba. Ka rubuta lokacin da kowa ya fara, don ka gane sawunsu a log.

Yanzu log ɗin da ya cika. Kada ka karanta shi layi-layi, ƙirga za ka yi:

```
grep -o 'id "[0-9]*"' /var/log/apache2/error.log | sort | uniq -c | sort -rn | head -20
```

Wannan zai nuna maka dokoki ashirin da suka fi surutu. Mafi yawan abin da za ka gani hari ne na gaske, kuma ba ruwanka da shi: masu neman `/wp-login.php` alhali ba WordPress kake amfani da shi ba, masu neman `/.env`, na'urorin bincike da doka 913100 ke ganewa. Naka shi ne ɗan abin da ya rage, wato buƙatun mutanenka. Ana gane su da abubuwa uku. Hanyar da aka bi tana nan a manhajarka da gaske, mai buƙatar ya riga ya shiga da sunansa, sannan in ka karanta wurin da aka rubuta `Matched Data` za ka ga magana ce ta mutum, ba umarnin kwamfuta ba. Adireshin IP ba hujja ba ne sosai a nan. Kamfanonin waya suna haɗa ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya, kuma na wakilinka yana canzawa tsakanin safe da yamma. Don haka kada ka yafe wa kowa saboda adireshinsa, kada kuma ka hana. In kuma akwai wani saba a gaban naka, irin Cloudflare, ka tabbata `mod_remoteip` yana aiki, in ba haka ba duk duniya za ta bayyana maka da 'yan adireshi kaɗan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi, irin abin da ake yawan tararwa a shafi kamar naka. A ce bayan tacewa ka ga abubuwa uku.

Na farko, doka 911100 tana kama duk lokacin da wakili ya gyara bayanin manomi a `/api/manomi/`. Dalili kuwa shi ne manhajar wayar tana amfani da `PUT`, alhali CRS da kansa `GET`, `HEAD`, `POST` da `OPTIONS` kaɗai ya yarda da su. Makin dokar 5 ne, don haka da ka kunna da iyaka 5, da ba wakilin da zai iya gyara ko da lambar waya. Wannan ba togaciya yake buƙata ba, gaya wa CRS gaskiyar manhajarka kawai za ka yi, kuma a wannan hanyar kaɗai:

```
SecRule REQUEST_FILENAME "@beginsWith /api/manomi/" \
  "id:10010,phase:1,pass,nolog,t:none,\
  setvar:'tx.allowed_methods=GET HEAD POST OPTIONS PUT'"
```

Na biyu, sakatare in zai saka sanarwa, akwatin rubutun yana ba shi damar yin baƙin rubutu da saka mahaɗi da hoto. Abin da ke isa saba HTML ne tsantsa, dokokin rukunin 941 kuwa aikinsu ke nan, farautar HTML da aka cusa cikin fom. Sanarwa ɗaya tana iya tayar da uku ko huɗu daga cikinsu, maki 15 ko 20 ke nan. A nan ne ake jarraba mutum. Hanya mai sauƙi ita ce ka kashe dokokin gaba ɗaya da `SecRuleRemoveById`, log ya yi shiru, hankalinka ya kwanta. Amma ka buɗe duk gurabun shafin ke nan ga wannan nau'in hari saboda akwati ɗaya. Abin da ya dace shi ne ka ce wa dokokin su kau da kai daga wannan gurbi kaɗai, a wannan hanya kaɗai:

```
SecRule REQUEST_FILENAME "@streq /admin/sanarwa" \
  "id:10020,phase:1,pass,nolog,t:none,\
  ctl:ruleRemoveTargetByTag=attack-xss;ARGS:rubutu"
```

Sunan gurbin daga log za ka kwafo shi, inda aka rubuta `found within ARGS:`, kada ka rubuta daga ka. Duk dokokin nan biyu a fayil ɗin `REQUEST-900-EXCLUSION-RULES-BEFORE-CRS.conf` suke zama, domin dole a karanta su kafin dokokin da suke yi wa gyara. In ka sa su a ƙasa, Apache zai tashi lafiya, ba zai yi ƙorafi ba, su kuma ba lallai su yi aiki ba. Ka kuma sani cewa duk gurbin da ka togace, tsaronsa ya dawo wuyan manhajar, ita ce za ta tace HTML ɗin kafin ta nuna wa jama'a. Ni kan rubuta layi ɗaya a saman kowace togaciya: ranar da aka sa ta da dalili. Bayan shekara ba wanda zai tuna, har wanda ya rubuta.

Na uku ƙarami ne amma yana koyar da lissafin. Doka 920350 tana kama buƙatar da aka aiko da adireshin IP maimakon sunan shafi. Makinta 3, bai kai 5 ba, don haka ita kaɗai ba ta toshewa. In wani tsohon zubin manhajar da ke wayoyin wasu wakilai yana kiran saba da lamba, kowace buƙatarsu da maki 3 take shigowa, ƙaramin gargaɗi ɗaya ya hau kai sun tsallake iyaka. Sai ka ga wakili ɗaya yana shan wahala jefi-jefi sauran lafiya, ka rasa dalili. Maganinsa a sabunta manhajar, ba a kashe dokar ba.

Sai abin da ya fi cin mutane, wanda wannan ƙirgar ba za ta nuna maka ba ko kaɗan, domin ba doka ba ce, ba shi da lamba. ModSecurity yana da iyakar girman abin da zai karɓa. A fayil ɗin saitin da ake bayarwa tare da shi, `SecRequestBodyLimit` yana kan 13107200, wajen megabayit goma sha biyu da rabi, wannan ya wadatar. Amma akwai ta biyu, `SecRequestBodyNoFilesLimit`, a kan 131072, kilobayit 128 kacal, kuma ita ce ke auna duk abin da ba a aiko shi a matsayin fayil ba. A `DetectionOnly` injin ba ya mayar da buƙatar da ta wuce iyaka, yana barinta ta wuce. Da ka ce `On`, amsar ta zama 413, wato an ƙi buƙatar saboda ta yi girma.

Duba yadda wannan ya shafe ka. Manhajojin da aka yi don wuraren da sabis ke ɗaukewa sukan ajiye rajista a waya, in an samu sabis su tura gaba ɗaya a JSON, sau da yawa da hoton manomi a ciki an juya shi zuwa base64. Juyin nan yana ƙara wa hoto kashi ɗaya cikin uku na girmansa: hoton kilobayit 300 ya zama 400. Manomi ɗaya ya ninka iyakar sau uku, balle wakilin da ya kwana biyu a ƙauyukan fadama ya dawo da rajista talatin. Ka tambayi wanda ya rubuta manhajar yadda take tura hoto. In a matsayin fayil take turawa, wato `multipart/form-data`, girman hoton ba ya shiga wannan lissafi. In cikin JSON ne, gyaran gaskiya shi ne a canza manhajar ta riƙa tura hoto a matsayin fayil, rajista kuma kaɗan-kaɗan. In lokaci bai ba da dama ba, ka ɗaga iyakar a wannan hanya kaɗai, gwargwadon mafi girman abin da ka auna:

```
<Location "/api/tura">
  SecRequestBodyNoFilesLimit 8388608
</Location>
```

Kada ka ɗaga wa dukan shafin. Duk abin da ke ƙarƙashin wannan iyaka a ƙwaƙwalwar saba ake riƙe shi, dokoki kuma su bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin saba na haya zai ji a jikinsa. Dogon rubutun base64 ma kansa yakan yi kama da hari bisa tsautsayi, hoto ɗaya ya wuce wani ya maƙale, don haka gurbin hoton zai buƙaci tasa togaciyar. A wannan fayil ɗin saitin akwai kuma dokoki 200002 da 200003, masu mayar da 400 kai tsaye in an kasa karanta jikin buƙata ko fom ɗin ɗora fayil ya zo a karkace. Su ba sa bin lissafin maki. Su kam za ka gan su a ƙirga, kada ka wuce su don lambarsu ba ta fara da 9 ba.

Wannan ne ya sa matakin farko na toshewa shi ne ka kunna injin amma ka ɗaga iyakar maki inda ba mai kai wa. A `crs-setup.conf`, doka 900110:

```
SecAction "id:900110,phase:1,pass,nolog,t:none,\
  setvar:tx.inbound_anomaly_score_threshold=10000,\
  setvar:tx.outbound_anomaly_score_threshold=10000"
```

Sannan ka sa `SecRuleEngine On`, ka gwada saitin da `apachectl configtest` kafin ka sake loda Apache. A wannan hali dokokin CRS ba sa hana kowa, amma iyakokin girma da dokokin 200002 sun fara aiki da gaske. In wani abu ya lalace yanzu, ka san daga ina yake, ba ka cakuɗa shi da kamun kuskuren dokoki ɗari ba. Ka sa wakili ya tura tarin rajista mafi girma da yake da shi kana kallon log.

Daga nan sai saukowa: 100, sai 50, sai 20, sai 10, sai 5. Kafin kowane mataki tambaya ɗaya ce: akwai buƙatar mutanena da makinta ya kai iyakar da zan koma? Tunda 949110 ba ta magana in ba a kai iyaka ba, a CRS 4 doka 980170 ce ke rubuta jimlar kowace buƙata mai maki:

```
grep -o 'Inbound Scores: blocking=[0-9]*' /var/log/apache2/error.log | sort | uniq -c | sort -rn
```

In za ka sauka 20, ka binciki duk wadda ta kai 20, ka ware na mutanenka, ka gyara, ka bar gyaran ya ga aikin kwanaki, sannan ka sauka. Matakan sama suna tafiya da sauri, domin ba kasafai mutumin kirki ke tara maki 50 ba. Kuma tun daga 20 ka fara cin riba, saboda hare-haren na'urori masu yawa suna tayar da dokoki da dama lokaci guda. Daga 10 zuwa 5 ne wurin haƙuri, don a nan ne doka guda ke iya hana mutum. In rajistar rani ta iso kana kan 10, ni a ganina ka tsaya a 10 har a gama. Rajistar da kanta za ta ba ka log mafi amfani da za ka samu a shekara, da shi za ka sauka 5 hankali kwance. Ka dai faɗa wa shugabanni gaskiya: a 10, harin da ya tayar da doka ɗaya kaɗai zai wuce, za a rubuta shi amma ba za a tare shi ba. Iyakar fita, wadda ke duba amsar da saba ke mayarwa, haka za ka sauko da ita zuwa 4, yawanci ba ta da rigima.

Akwai wani abu na wurinmu da takardun CRS ba za su gaya maka ba. A birni in shafi ya hana mutum, zai kira ya yi faɗa. Wakilin da ke ƙauye in rajista ta ƙi tafiya, sabis zai zarga. Zai hau tudu, ya canza layi, ya sayi sabuwar data, ya bari sai ranar kasuwa in ya shigo gari. Kwana huɗu ba wanda ya kira ka, kai kuma ka ɗauka komai lafiya. Don haka shirun waya ba shaida ba ne. Bayan kowane mataki ka duba lambobi biyu kullum: yawan 403 da 413 da 400 a hanyoyin da sai an shiga da suna ake binsu, da kuma yawan rajistar da ta shiga rumbun bayanai idan aka gwada da irin wannan rana a satin baya. Ka kuma binciki abin da manhajar ke yi in ta sami 403. Wata za ta yi ta sake turawa tana cinye datar wakili. Wata, wadda ta fi muni, za ta ɗauka tunda saba ya amsa an karɓa, ta goge abin da ta ajiye. Wannan sai ka gwada shi da gangan da rajistar ƙarya kafin ka sauka ƙasa da 100. Kamfanin karɓar kuɗi ma ba zai kira ka ba in ka toshe sanarwarsa. Manomi ne zai zo da rasit a hannu, shafi yana cewa bai biya ba.

Abin da ke rage wannan wahala shi ne shafin kuskure da Hausa. Apache yana ba kowace buƙata lamba ta musamman ta hanyar `mod_unique_id`, kuma lambar tana fitowa a kowane layin log a matsayin `unique_id`. Ka sa shafin 403 da manhajar su nuna ta, da rubutu mai cewa ba matsalar sabis ba ce, a ɗauki hoton allon a turo wa ofis. Da lambar nan, `grep` ɗaya zai kai ka kan dokar da ta yi kamun.

Ka shirya hanyar ja da baya tun kafin ka buƙace ta. In hanya ɗaya ta rikice ana tsakiyar aiki, ba sai ka kashe komai ba. Doka irin ta sama mai `ctl:ruleEngine=DetectionOnly` a kan wannan hanyar kaɗai za ta mayar da ita sa ido, sauran shafin yana tsare. Ka rubuta ta ka ajiye da alamar `#` a gabanta. Kuma ka sauke iyaka da safiyar ranar aiki, ranar da kake kusa da kwamfuta mai caji da sabis mai ƙarfi, ba yammacin Alhamis ba, ba jajibirin buɗe rajista ba.

Game da matakin tsanani, wato gwargwadon zargin da CRS ke yi wa buƙata, ka zauna a na 1. CRS yana da huɗu, kuma na sama ba su dace da rubutun Hausa ba sai da gyara mai yawa. A mataki na 2 akwai doka 942430 da ke ƙirga alamomi na musamman a gurbi ɗaya, in sun kai goma sha biyu ta ƙara maki, kuma cikin abin da take ƙirgawa har da alamar da ke cikin Sa'adu da 'ya'ya, da karan da ke cikin daban-daban. Koke mai tsawo daga wakili zai cika wannan adadi ba tare da ya yi laifin komai ba. A mataki na 3, doka 920272 tana ƙin duk harafin da ba ya cikin ASCII, wato ƙ da ɗ da ɓ duk abin zargi ne, manomi mai suna Ɗanladi ya zama ɗan kutse. In wata rana kana son hawa na 2, ka sa `tx.detection_paranoia_level=2` ka bar `tx.blocking_paranoia_level=1`. Dokokin mataki na 2 za su riƙa rubutu a log ba tare da makinsu ya shiga hukunci ba. Waɗannan sunayen na CRS 4 ne, wanda ya fito a 2024. In daga ma'ajiyar Ubuntu ko Debian ka ɗora, duba da kyau, kana iya samun 3.3, inda sunayen su ne `tx.executing_paranoia_level` da `tx.paranoia_level`, layin jimlar maki ma da wata siga yake fitowa.

Abu na ƙarshe da za ka duba yau, ba gobe ba, shi ne `modsec_audit.log`. Yana iya ɗauke da jikin buƙata gaba ɗaya: kalmar sirri, lambar NIN, lambar asusun manomi. A lokacin sa ido ya fi kumbura, yana iya cika faifan saba har rumbun bayanai ya tsaya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan fayil kamar yadda ta shafi rumbun bayananka. Ka bar `SecAuditEngine` a `RelevantOnly`, ka sa `logrotate` ya riƙa goge tsofaffi bayan 'yan makonni, ka taƙaita masu iya buɗe shi, kuma in za ka nuna wa wani layin log don neman taimako, ka share bayanan manomin tukuna.